Amshin waƙar godiyar kaka ya ƙi kama bakin jama'a, ina neman gyara

Ɗan Kwaya: Salama gare ku iyayena da 'yan'uwa. An ba ni aikin rubuta waƙar da za mu yi a sujadar godiyar kaka, Lahadi ta uku ga watan Nuwamba. Ikilisiyarmu ta ƙauye ce, kusan kowa manomi ne, babu wuta balle majigi, kuma tsofaffi da yawa ba sa karatu. Fasto ya ce yana so jama'a duka su karɓa, kada kwaya ta yi ita kaɗai. Na gwada amshin ranar Laraba a wurin addu'a, na rera sau uku, amma da na juyo bakin mutane ne kawai yake motsi, ba murya. Ga shi:

Ubangiji Allah Maɗaukakin Sarki mun zo gabanka da godiya,
Domin albarkun da ka zubo mana a cikin wannan shekara,
Ka ba mu ruwan sama da lafiya da amfanin gona mai yawa,
Bakinmu ba zai iya faɗin dukan alheranka ba.

Ina laifin yake? Mako uku ya rage mini.

Mai Kibod: Ɗan'uwa, a wane ki kuka ɗauka, wato a wane tsayin murya? Sau tari matsalar ke nan. Kuma ka nemi aron janareto da lasifika mai kyau, idan kiɗa ya cika ɗaki mutane za su bi ko ba su iya ba.

Ɗan Kwaya: Ba mu da kibod ma tukuna a ranakun Laraba, da tulu da tafi muka yi. Ranar bikin ne za a kawo daga gari.

Tsohon Kwayamasta: Ɗana, sannu da ƙoƙari. Maganar da ka rubuta gaskiya ce, babu abin cirewa ta fuskar koyarwa. Amma wannan addu'a ce ka rubuta, ba amshi ba. Ɗauki yatsunka ka ƙirga gaɓoɓin layin farko: 21. Na biyu 19, na uku 20, na huɗu 16. Jimla 76, kuma babu layin da ya yi tsawo ɗaya da ɗan'uwansa, babu wata magana da ta dawo sau biyu. Mutumin da yake zaune a benci bai ga takarda ba, da kunne kawai yake kamawa, kuma kafin ya riƙe "Maɗaukakin Sarki" kai ka riga ka kai "shekara". Ba ƙin rerawa suka yi ba, babu inda za su sa ƙafa ne.

Akwai kuma numfashi. Kai ka saba, za ka iya jan gaɓa 21 da numfashi ɗaya. Tsohuwa mai shekara 70 ba za ta iya ba, mai goyo tana rawa ba za ta iya ba. Ni a aikina ba na barin layin amshi ya wuce gaɓa 8 ko 9. Abin da ka rubuta ka ajiye shi, zai yi maka ayoyi, jagora ya rera su shi kaɗai. Amshi kuwa sai an sake shi daga tushe.

Mai Kibod: To ai da sauƙi ke nan Baba. Ya sa "Mun gode Uba" sau huɗu, a rufe da Halleluya. Ko yaron goye zai kama.

Tsohon Kwayamasta: Rabin maganarka daidai ne. Za su kama a take. Amma bari in gaya maka abin da ya same ni. Na taɓa yin irin wannan a wani taron gunduma, layi ɗaya na godiya sau huɗu. A zagaye na farko sun bi ni. A na biyu sai mata daga baya suka zarce cikin wata tsohuwar waƙar godiya da kowa ya sani, domin kalmomin farko iri ɗaya ne, kuma tsohuwar ta fi zama a bakinsu. Mai ganga ya bi su, ni ma dole na bi su. Waƙata ta mutu a wurin. Amshin da ya yi kama da waƙa ɗari ba shi da gidan kansa a ƙwaƙwalwar mutum. Ana buƙatar sauƙi, amma ana buƙatar wani abu guda ɗaya da yake nasa shi kaɗai, hoto ɗaya da mutum zai gani da idonsa yana rerawa.

Uwar Zumunta: Ɗana, bar maganar "albarku" da "alherai". Wa ya taɓa ganin albarku da ido? Ka gaya mini, a ƙauyenku bana me ya faru da ya sa kuke godiya?

Ɗan Kwaya: Mama, mun yi shuka da ruwan farko, sai ruwa ya ɗauke wajen kwana goma sha biyu. Wasu har sun fara neman iri na biyu. Daga nan ruwa ya dawo, bai sake yankewa ba har kaka.

Uwar Zumunta: To ga amshinka nan ka faɗa da bakinka. Mun shuka, ka ba da ruwa. Mu a zumunta haka muke yi, ba ma zama da biro. Wata ta faɗi magana, mu juya ta a kan tulu har ta zauna. Na rera shi yanzu ina tsintar wake, ya hau tafi huɗu daidai. Ka faɗe shi sau biyu, ka sa wani abu a na uku, ka dawo gida a na huɗu.

Ɗan Kwaya: Na gode Mama. Na gwada haka:

Mun shuka, ka ba da ruwa,
Mun shuka, ka ba da ruwa,
Rumbu ya cika, ya Uba,
Mun gode, ka ba da ruwa.

Kowane layi gaɓa 8, na ƙirga. Amma idan na zo layi na uku sai in ji kamar ina ɗingishi. Ban san dalili ba tunda lissafin ya yi daidai.

Malamar Hausa: Kunnenka ya fi lissafinka gaskiya. A waƙar Hausa yawan gaɓa kaɗai ba ya isa, nauyinsu ne yake ɗaukar kiɗa. Gaɓa mai dogon wasali ko wadda ta ƙare da baƙi tana cin wurin gajeru biyu. Faɗi layin Mama a hankali: mun, shuu, kaa, kaa, baa, duk masu nauyi ne guda biyar, sai da da ru gajeru biyu, sai waa mai nauyi. Idan kana tafi huɗu, na farko yana sauka kan "mun", na biyu kan ƙarshen "shuka", na uku kan "ba", na huɗu kan ƙarshen "ruwa". Bayan nan sai ɗan wuri ya rage fanko kafin layi na gaba. Wannan wurin shi ne numfashin tsohuwar da Baba ya ambata. Ba kai ka saka shi ba, a cikin maganar yake.

Yanzu layinka na uku. "Rumbu" ya cika tafi na farko, "ya cika" ya cika na biyu, lafiya lau. Amma a na uku kana da "ya" mai nauyi da "U" gajere ɗaya tak, alhali wurin na gajeru biyu ne. Akwai rami. Don a cike shi dole bakinka ya ja, ko ka ce "yaaa" ko ka ce "Uuba". Kai za ka zaɓi ɗaya, rabin jama'a su zaɓi ɗayan, sai a ji muryoyi sun rabu a daidai wurin. Ɗingishin ke nan.

Kuma jan wasalin da ba dogo ba ba ƙaramin abu ba ne a Hausa. Ja farkon "gari" na mutane, ya koma garin tuwo. Taƙaita farkon "dawa" ta rumbu, ta koma dawa ta namun jeji.

Gwada wannan: "Yau ga rumbu ya cika fal." Masu nauyi biyar, gajeru biyu, mai nauyi ɗaya. Ƙafa ɗaya da layin farko, babu ragi babu ƙari.

Mai Kibod: Malama, ban yarda da "fal" ba. An koya mana layin waƙa ya ƙare da wasali, kamar a ko o, don a iya jan murya. Ta yaya za a ja "fal"? Kuma ya ɓata amsa-amon, sauran duk da "wa" suke ƙarewa.

Malamar Hausa: Da a layin ƙarshe ne da na goyi bayanka, domin can ake ja. Layi na uku kuwa ba a so a ja shi. Ana so ya tsaya cak, kowa ya ja numfashi tare, a faɗa layi na huɗu a lokaci ɗaya. Harafin l yana rufe bakin mutum ɗari biyu a tare, abin da hannun jagora ba ya iya yi idan rabinsu suna rawa ba sa kallonsa. Amsa-amo kuwa, uku cikin huɗu sun isa. Layin da ya saɓa shi ne yake gaya wa kunne cewa an kusa gida.

Uwar Zumunta: Kuma "fal" kalmar da ake faɗa da jiki ce. Ka jira ka gani, mata za su ɗaga hannu a wurin ba tare da an ce su yi ba.

Tsohon Kwayamasta: Malama ta gama da kalmomi, bari in sa musu murya. Ɗana, kafin ka nemi kari daga wani wuri, ka faɗi layin da baki kawai kamar kana gaya wa maƙwabci, ka saurari inda murya take hawa da inda take sauka. "Mun shu" a sama, "ka" ya sauka, "ka ba" ya koma sama, "da" ya sauka, "ruwa" a sama. Karin yana nan a kwance, ɗagawa kawai za ka yi. Ga yadda na ji shi:

Layi na ɗaya da na biyu: so so mi so so re mi mi.
Layi na uku: so mi mi so so mi so la.
Layi na huɗu: mi mi do re re la do do, wannan la ɗin ta ƙasa ce.

Dubi abu uku. Babu fa, babu ti. Muryoyi biyar ne kawai, do re mi so la, waɗanda akasarin waƙoƙinmu na gida suke tafiya a kansu, na aiki da na daka da na biki. Idan ka sa fa ko ti, kwaya za ta iya, amma jama'a sukan zame zuwa muryar da take kusa, sai ka ji ana gogayya tsakanin gaba da baya. Na biyu, la ta sama sau ɗaya ta fito a dukan amshin, a kan "fal". Ko a magana ma irin waɗannan kalmomi sama muke cilla su, don haka ba wanda zai yi kuskuren wurin. Na uku, layi na huɗu hawa da saukarsa ɗaya ne da na farko, an dai sauko da shi ƙasa ne ya zauna a kan do. Ka yi sa'a, "gode" da "shuka" tafiyarsu ɗaya, sama sannan ƙasa, shi ya sa musayar ba ta jin nauyi.

To ƙirga abin da mai sauraro zai koya yanzu. Layi ɗaya da ya ji sau biyu, sabon layi ɗaya, da sabuwar kalma ɗaya. Wanda ake cewa ya ji amshin sau ɗaya, a gaskiya ya ji "ka ba da ruwa" sau uku kafin a kai ƙarshe.

Mai Kibod: Na buga shi yanzu Baba, ya zauna. Amma ni a ki na G zan ɗauka, ya fi haske, ya fi sauƙin bugawa da jita ma.

Tsohon Kwayamasta: Daga la ta ƙasa zuwa la ta sama zango ɗaya ne cif. A F zai kama daga D zuwa D, kusan kowa yana da wannan a maƙogwaronsa. A G "fal" zai hau E. 'Yan matan kwaya za su ji daɗi, amma dattawa da maza masu kaurin murya za su yi shiru a daidai kalmar da aka gina amshin dominta, ko su faɗo ƙasa. Sujadar safe ce kuma, ga sanyin hunturu ya fara shigowa, murya ba ta buɗe ba. Ka bar shi a F. Idan wuri ya yi zafi bayan zagaye shida ko bakwai, ka ɗaga, a lokacin za su iya.

Mai Kibod: Na ji na F a farko. Amma a cocinmu na gari kullum muna hawa E babu mai ƙorafi. Ina ganin ya danganta da jama'ar.

Wani Fasto: Salama. Na bi maganar tun daga farko, na ƙaru. Amma ina da damuwa ɗaya a matsayina na mai kiwon jama'a. A tsohon amshin akwai sunan Allah a fili. A sabon babu ko ɗaya. "Ka ba da ruwa", wa ya ba da? Abin da jama'a suke maimaitawa shi ne yake bin su gida, shi yara za su rera a hanyar rafi. Ba na so su tafi da waƙar da ba ta ambaci Mai bayarwa ba. Me zai hana layi na biyu ya zama "Ya Allah, ka ba da ruwa"? Na gwada da tafi, ya hau.

Malamar Hausa: Ranka ya daɗe, ta wajen nauyi ya hau daidai, ba musu. Amma akwai tarko a ciki, kuma tarkon yana nan tun a layin Mama, ina ta jiran wanda zai taɓo shi. A rubuce "ka ba da ruwa" abu biyu ne. Idan aka ja "kaa" da murya a sama, labari ne, an riga an bayar. Idan aka taƙaita "ka" da murya a ƙasa, roƙo ne, ana neman a bayar. Rubutunmu na yau da kullum ba ya raba su. Kunnen Bahaushe kuwa idan ya ji "Ya Allah, ka..." roƙo yake jira, domin haka addu'o'inmu suke farawa. Da zarar ka sa shi a gaba, mutane za su taƙaita "ka" da kansu, waƙar godiya ta zama ta roƙon ruwa a watan da ake girbi, kuma ramin da muka cike ya sake buɗewa a tafi na biyu.

A yadda Baba ya ɗora karin, "ka" yana kan so, dogo kuma a sama, ma'anar ta tsaya. "Mun gode" na layin ƙarshe ya ƙara kulle ta.

Ba ina cewa kowace gaɓa sai karin waƙa ya bi hawa da saukar magana ba. Mawaƙanmu suna saɓa wa wannan sau da yawa ba a ji komai. Nauyin gaɓa ne ba a wasa da shi. Hawa da sauka kuwa sai a kula da shi a inda ma'ana ta rataya a kansa. Na taɓa jin ana rera "ba sauran kuka" da murya tana faɗuwa a kan gaɓar ƙarshe, yara suna ta kallon juna, domin abin da ya fito itacen kuka ne.

Wani Fasto: Na fahimta Malama, ban lura da wannan ba. Amma damuwata tana nan. Dubi Zabura 136. Ayoyi 26, kowace tana rufewa da magana ɗaya a kan madawwamiyar ƙaunar Allah. Amshin nan a kan halin Allah yake, ba a kan abin da mu muka yi ba. Naku da "mun" ya fara.

Tsohon Kwayamasta: Fasto, zaburar da ka kawo ita ce za ta raba mu. A cikin amshinta ma ba a kira suna ba, "ƙaunarsa" aka ce. Sunan yana bakin mai ja, jama'a suna amsawa a kansa. Mu yi haka nan. Kowace aya da jagora zai rera ta ƙare da "ya Allah", kuma ya sauke ta a kan so, muryar da amshi yake farawa da ita. Riba biyu ke nan. Sunan yana nan manne da amshin kowane zagaye, har yaron da yake rerawa a hanyar rafi zai jawo shi tare. Sannan jama'a sun sami alamar shiga. Yawancin amshin da yake mutuwa ba don an manta kalmomi ba ne, don mutane ba su san lokacin shiga ba ne, kowa yana jiran na kusa da shi ya fara. Idan ayoyi biyar duka suka ƙare da kalma ɗaya a murya ɗaya, daga aya ta biyu ba mai jiran kowa.

Kuma ɗana, kada ka fara waƙar da aya. Fara da amshi, kai kaɗai, da tulu kawai. Kwaya ta maimaita da murya ɗaya, ban da alto da teno da bes. A na uku jama'a sun shiga. Rarraba muryoyi sai daga baya, domin idan mutum ya ji kari huɗu a farkon ji, bai san wanne ne nasa ba.

Wani Fasto: Wannan ya rage mini nauyi, ko da yake da so samu ne sunan ya kasance a bakin jama'a, ba a bakin jagora kaɗai ba. Zan bar shi haka.

'Yar Sabon Gari: Ku yi haƙuri in kawo tawa. Ni a birni nake sujada, mu ma muna da godiyar shekara, amma yawancinmu ma'aikata ne da 'yan kasuwa, wasu ba su taɓa riƙe fartanya ba. Kuma yarenmu ya fi goma, Hausa ce kawai ta haɗa mu. Wannan bambancin "kaa" da "ka" da Malama take faɗa, wallahi rabinmu ba ma jin sa a magana. Zai yi mana aiki kuwa?

Malamar Hausa: 'Yar'uwa, ta wani gefen ya fi dacewa da ku. Duba amshin, babu ƙ, babu ɗ, babu ɓ, babu ts, haruffan da suke tsayar da wanda ya koyi Hausa da girma. Maganar "kaa" kuwa, ba sai mutum ya san dalili ba. Karin ne zai ja masa wasalin, shi dai ya bi. Maganar noma ce ban sani ba ko za ta taɓa zuciyar mai albashi.

Uwar Zumunta: Wane mai albashi ne ba a aiko masa da buhun masara daga gida? Su rera, sun san rumbu.

'Yar Sabon Gari: Mama, iyayenmu sun sani. 'Ya'yanmu da aka haifa a nan fa, wasu sai an yi musu bayanin rumbu. Zan gwada dai in gani.

Ɗan Kwaya: Baba, ta yaya zan tabbatar ya kama kafin ranar? Ba na so in sake jin irin shirun Laraba.

Tsohon Kwayamasta: Kada ka gwada da kwaya, su aikinsu koyo ne, ko dutse ka ba su za su haɗiye. Je wurin yaran makarantar Lahadi da wasu tsofaffi biyar ko shida. Rera sau ɗaya, kada ka ce za ka tambaye su. Yi wata hira ta minti goma, sannan ka ce wa zai tuna maka waƙar nan. Ka kasa kunne ga abu biyu. Inda suka yi gunaguni babu kalma, kalmar ce ba ta zauna ba, a canza ta. Inda kuma dukansu suka canza abu ta hanya ɗaya, kada ka gyara su, kai ka gyara takardarka, domin haka za su rera ranar biki ko ka so ko ka ƙi.

Ɗan Kwaya: Na dawo da labari. Jiya bayan sujada na gwada da yara wajen ashirin da iyaye mata bakwai. Bayan hira, layi na ɗaya da na biyu da na huɗu sun fito cif, har "fal" sun ɗaga hannu kamar yadda Mama ta ce. Abu ɗaya suka canza: kusan duka sun yar da "yau", suna barin tafin farko ya wuce fanko sannan su shiga da "ga rumbu". Na bar musu, jagora zai riƙa faɗin "yau" shi kaɗai.

Amma wani abu ya faru da ban shirya masa ba. Wata baba daga cikinsu ta rera layi biyun farko da ƙarfi, da aka zo na uku ta yi shiru. Da na tambaye ta a gefe, ta ce gonarta a fadama take, ruwan da ya cika rumbun wasu shi ya kwashe mata shinkafa, ba za ta tsaya gaban Allah ta ce rumbunta ya cika fal ba. Kuma ba ita kaɗai ba ce, gidaje huɗu ne a gefen rafin.

Wani Fasto: Wannan baba ta yi wa'azin da ya fi nawa. A canza layin. Amshi na kowa ne, idan mutum ɗaya ba zai iya faɗarsa da gaskiya ba, a mayar da maganar cikin aya.

Uwar Zumunta: Fasto, ban yarda ba. Ba a ce "rumbuna" ba, an ce "rumbu". Ranar godiya hatsin da ake tarawa gaban bagadi ai daga ciki ake ɗiba a kai wa irinsu. Ni na yi shekarar da ban girbe ko kwano ba, na rera da hawaye, kuma waƙar ce ta riƙe ni. A sa aya guda domin waɗanda ruwa ya yi wa ɓarna, jagora ya ambace su a fili, amma a bar layin.

Malamar Hausa: Idan za a canza, ga wanda ya hau ƙafar daidai: "Ko kwano ne, ko da buhu." Masu nauyi biyar, gajeru biyu, mai nauyi ɗaya. Kowa zai iya faɗarsa. Amma an rasa "fal", kuma layin ba zai tsaya cak ba, sai Baba ya sake duba karinsa.

Tsohon Kwayamasta: Zai hau, amma la ta sama ba ta da wurin zama mai ƙarfi kamar da. Ni ban yanke ba. Ɗana, kai ka san mutanenka. Koma wurin babar nan da layukan biyu, ka rera mata kowanne, ka ji wanda za ta iya buɗe baki a kansa.

Ɗan Kwaya: To Baba. Gobe da yamma zan je gidanta, zan tafi da shugabar zumunta don kada ta ji nauyina. Ayoyin ma na rage su zuwa huɗu, kowace ta ƙare da "ya Allah". Ta ukun ce ta mutanen fadama, ita nake kan rubutawa yanzu.